Dillali na neman kashi 5, takarda ta ce kashi 2

"Mun sa hannu da dillali kan la'adar kashi 2 cikin ɗari. An sayar da gidana miliyan 30, yanzu ya ce sai kashi 5, wai haka ake yi. Me zan ce masa?"

Malam, kada ka tsaya cacar baki da shi a waya, rubuta masa. Kawo sakin layin da ya ambaci la'ada, ka yi lissafin: kashi 2 na miliyan 30 dubu 600 ne, nasa kuwa miliyan ɗaya da rabi. Ka ce a shirye kake ka biya dubu 600, ragowar dubu 900 ya nuna inda ka amince da ita a rubuce.

Amma fara duba saƙonninku tukuna. In ka taɓa rubuta masa "ba komai, zan ƙara maka", da ita zai kama ka. Ranar biya kuma ka karɓi rasit mai cewa la'ada ta cika, ba kafin alƙalami ba ce.