Me ya sa tankina ke amai alhali akwai bawul mai ƙwallo a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Tankinmu na sama yana zubar da ruwa duk sanda muka kunna injin burtsatse, har bango ya fara jiƙewa. Sau biyu mai gyara yana canza ƙwallon. Yanzu ya ce in sayi bawul mai ƙarfi, wai da ya rufe shi ke nan, ko na bar injin a kunne na fita ba komai. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalin naki bai kwanta ba.

Ƙwallon nan ba shi ke toshe ruwa ba. Aikinsa ya tashi tare da ruwan, ya ɗaga sandar da ke riƙe da shi, ita kuma sandar ta tura wani ɗan tsinken ƙarfe mai roba a kai ya danne ramin da ruwa ke shigowa. Ƙaramar robar nan ita ce take rufewa. Shi ya sa canza ƙwallo sau biyu bai yi maganin komai ba.

Ki sa a hau a gwada. Ruwa na shiga, a ɗaga sandar da hannu har ƙarshe na ɗan lokaci kaɗan. In ruwan ya ɗauke cak, robar lafiyarta lau, sai a koma kan ƙwallon: a kwance shi a girgiza, in an ji ruwa na motsi a ciki ya huje. A duba ko sandar na gogar bango ko murfi, a kuma tabbatar an saita ta yadda za ta rufe tun ruwa na ƙasa da bututun rara, wato wanda ke zubar da ruwa in tanki ya cika, da kamar yatsa biyu. In kuwa an ɗaga amma ruwa na ci gaba da tsartuwa, to robar ta cinye, ko yashi ya maƙale a bakin ramin. Ruwan burtsatse ba ya rabuwa da yashi, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta hana robar zama daidai.

Akwai kuma ƙarfin ruwan kansa. Mu ɗauka faɗin ramin milimita 10 ne. In matsin ruwa bar 1 ne a ma'aunin matsi, abin da ke tura robar baya bai kai kilo ɗaya ba. In inji ya kai shi bar 6, turawar ta kusa kilo 5. Ƙwallo mai faɗin santimita 10, ko an nutsar da shi gaba ɗaya, abin da zai iya ɗagawa bai wuce rabin kilo ba, in sandar ta ninka shi sau goma ya zama kilo 5. Kin ga an yi kunnen doki, ƙwallon ya nutse, ruwa na wucewa.

Sai maganar mai gyaran naki, wadda kullum nake fama da ita har na gaji. Bawul ba ya kashe inji. Babu waya tsakaninsu, inji bai san tanki ya cika ba. In bawul ya rufe gam alhali inji na aiki, ruwan ba shi da mafita, injin kuma ba zai daina turawa ba. Injin da ke cikin rijiya ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi. Da ruwan ya tsaya sai ya fara ɗaukar zafi, a kwana a tashi ya ƙone. Na sama kuwa ruwan da ke cikinsa yake ta juyawa har ya yi zafin da zai lalata robobinsa, ya tausasa bututun roba da ke manne da shi, wanda ya buɗe shi a lokacin ma yana iya ƙonewa. Mahaɗar bututun da gam bai kama sosai ba ita ke fara ɓallewa, wani lokaci a cikin bango. Wato yoyon da ke damunki yanzu shi ne ma yake ɗan rage wa injin naki wahala, shi kuma gwanin yana so ya toshe shi da kuɗinki. Irinsu ne idan abin ya faskara suke ɗaure wa bututun rara murfi, su ce sun gyara, ruwa ya koma fita ta murfin tanki yana bin ƙafafun ƙarfe da wayoyin wuta. Lita 1,000 tan guda ne cur a saman kan mutane, a ce ƙafafun da ke ɗauke da shi suna jiƙewa kullum suna tsatsa?

Bawul mai ƙwallo na layin ruwan famfo ne, ko injin da ke da na'urar da ke kashe shi da kanta in matsi ya hau. Naki tankin abin da yake buƙata shi ne makunnin lantarki mai iyo a kan ruwa, wanda ke yanke wa injin wuta in tanki ya cika, ya mayar in ruwa ya sauka. Mai aikin lantarki ne zai haɗa shi, a cire bawul ɗin daga layin injin, a bar bututun rara a buɗe, bakinsa a inda za ki gani daga ƙasa. Kafin a yi haka, kada a kunna injin sai da mai tsayawa ya kashe.