Wa'adi ya wuce, yaya zan rubuta wa jami'in ma'aikata?

Tambaya: Salam Malam. Ni manaja ne a wani injin casar shinkafa a yankin Auyo. Mun samu tallafi ta hannun wata ma'aikata a Dutse, aka ce mu kai rahoton yadda muka kashe kuɗin kafin 30 ga Yuni, yau 8 ga Yuli ba mu kai ba. Na rubuta wa jami'in imel kamar haka: "Salam oga, don Allah a yi haƙuri wallahi abubuwa ne suka yi yawa, insha Allah zan turo kwanan nan." Maigidana ya ce kar in kuskura in tura haka. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alhaji ya yi gaskiya, kuma ba wai saƙon naka rashin ladabi ne ba, a waya da ya wuce lafiya lau. Matsalar ita ce jami'in nan ba shi kaɗai zai karanta ba. A ma'aikata takarda fayil take shiga, shi zai yi rubutu a kanta ya tura wa darakta, wataƙila ta kai teburin Babban Sakatare, to ka faɗa min me zai rubuta a kan "abubuwa ne suka yi yawa"? Ba lamba, ba dalili, ba rana. Ko yana son taimakonka ka ɗaure masa hannu.

Mutanenmu da yawa idan aka ce su ɗaga darajar wasiƙa sai su cika ta da ranka ya daɗe da Allah ya ja zamaninka har layi biyar, wannan na zaure ne. A takardar ofis girmamawa ita ce ka kira mutum da muƙaminsa daidai, ka kuma sauƙaƙa masa aiki. Ɗauko takardar da suka ba ku tun farko, a samanta akwai lamba da kwanan wata, a ƙasa akwai muƙamin wanda ya sa hannu. Wannan lambar ita za ka sa a kan saƙon tare da sunan kamfaninku, da ita ake nemo fayil ɗinku. Kalmar oga kuma ta fita, ka sa Darakta ko duk muƙamin da ka gani a rubuce.

Cikin saƙon ya tafi kamar haka:

"Dangane da takardarku mai lamba kaza ta ranar kaza, wadda ta sa 30 ga Yuni a matsayin wa'adin miƙa rahoto, muna sanar da ku cewa ba mu cika wannan wa'adi ba, kuma muna neman afuwa. Jinkirin ya faru ne saboda rasit biyu na kayan gyaran inji ba su iso daga dillalinmu na Kano ba sai 5 ga Yuli. Muna roƙon a ƙara mana lokaci zuwa 18 ga Yuli. Mun haɗa da ɓangaren rahoton da muka kammala."

Dalilin rasit ɗin ni na sa don misali, ka sa naka na gaskiya, guda ɗaya tak wanda in an ce kawo shaida za ka iya. Kada ka jero wuta da rashin lafiya da biki, da zarar uzuri ya kai uku ya fara kama da ƙarya. Kuma ko da su ne suka makara wajen turo fom, kada ka rubuta shi da sigar zargi, ka ce "mun karɓi fom ɗin ranar kaza" ka yi shiru, mai karatu zai lissafa da kansa.

Ka lura na ce muna roƙon a ƙara mana, ban ce za mu kawo ranar 18 ba. Wa'adin nasu ne, su ke da ikon ɗaga shi. Ranar kuma ka zauna da akawunku ku auna, in aikin na kwana 5 ne ka nemi 10, domin saɓa wa'adi na biyu wanda kai ka yanka da bakinka ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Insha Allah ba laifi ba ne, amma ta zo bayan rana, kada ta zauna a madadinta.

Yawancin takardun ma'aikatu da Turanci ake yinsu, to in tasu da Turanci ta zo ka mayar da shi, tsarin dai bai canza ba. Ka buga a takarda mai tambarin kamfani, ka sa hannu da cikakken suna da muƙami da lambar waya, ka mayar da ita PDF ka liƙa a imel ɗin, Alhaji kuma ka sa shi a Cc. Sannan kada ka dogara da imel kaɗai, wani akwatin sai a yi sati ba a buɗe ba. Ka buga kwafi biyu ka shiga mota zuwa Dutse, ka miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, ɗayan a buga maka hatimi da kwanan wata ka dawo da shi. Bayan nan ne za ka kira jami'in, a nan sai ka yi masa ranka ya daɗe ɗinka son ranka, ka ce takarda ta shigo yau.