Yadda na gano wata waƙar Habasha da takarda da biro

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. An turo mini wani bidiyon biki mai waƙa a ciki, ta shiga raina ƙwarai, amma ban san yaren ba balle rubutunsa, kuma Shazam bai gane ta ba. Idan na rubuta abin da kunnena ke ji da haruffanmu na boko, zai iya kai ni ga sunanta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai iya kai ka, domin ni ya kai ni, sai dai takardar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Lokacin da nake aiki a wani shago a Jidda, na naɗi kusan daƙiƙa 40 na wata waƙa daga wayar wani direba da ya tsaya sayen ruwa, ya tafi kafin in tambaye shi. Manhajar Shazam ba ta gane ta ba, kuma daga baya na fahimci dalili: tana kwatanta sautin da ainihin faifan da aka fitar ne, saboda haka idan wani mawaƙi ne ya sake rera waƙar a wurin biki, ga tafi ga guɗa, da wuya ta kama. Ina kyautata zaton abin da ya sami taka ke nan.

Na sa abin sauraro a kunne, na rage gudun sautin zuwa 0.75 a manhajar VLC. Ban sauka ƙasa da haka ba, domin a 0.5 wasula suna miƙewa har mutum ya riƙa jin abin da babu. Na bar baitocin, na kama amshi kawai, saboda shi ne ke maimaituwa, kuma galibi a cikinsa sunan waƙa yake. Na rubuta shi gaɓa-gaɓa da 'yar tazara tsakaninsu, ban yi ƙoƙarin yanke kalmomi ba, tunda wanda bai san harshe ba bai san inda kalma ta ƙare ba. Na yi haka sau uku a ranaku daban-daban, ba tare da duba rubutun jiya ba, sannan na jera takardun. Gaɓoɓin da suka zo daidai a duka ukun su na amince da su, sauran na sa musu alamar tambaya.

Abin da ya tsira shi ne: "ya-ne ƙwan-jo", "fi-ƙir", da kuma wani dogon abu da na rubuta "i-wad-di-sha-Allahu".

Wannan na ƙarshe ya ɓata mini mako guda cur. Kunnena ya ji sunan Allah a ciki, sai na ɗauka waƙar bege ce da wani karin Larabci, na yi ta tambayar Sudaniyawa da Yamalawan unguwar, kowa ya girgiza kai. A jin farko ma saura kaɗan in rubuta "gwanjo" a maimakon "ƙwanjo", don kawai kalma ce da na sani. Babbar matsalar wannan aiki ke nan, kunne yana jan baƙon sauti zuwa ga kalmar da ya saba da ita. Duk inda ka ga rubutunka ya fito da kalmar Hausa ko ta Larabci tsaf a tsakiyar abin da ba ka fahimta, ka yi zarginta, ka koma ka saurara.

Harafin ƙ ne ya cece ni. Na lura mawaƙin yana furta shi da ƙarfi daga maƙoshi kamar yadda muke cewa ƙasa ko ƙarfe, wanda ya bambanta da ƙaf ɗin Larabawa. A nan Bahaushe yana da sa'ar da mai Turanci ba shi da ita, domin muna rarrabe k da ƙ, da s da ts, muna kuma jin baƙi mai shadda. Harsunan da ke da irin wannan ƙ a cikin mutanen da nake gani a Jidda ba su da yawa, kuma na ƙasar Habasha suna gaba. Kiɗan ma ya ba da shaida, domin akwai wani abin goge mai tsirkiya ɗaya, kamar kukumarmu, wanda daga baya na san sunansa masinƙo. Sai ya rage tsakanin Amharik da Tigirinya. Tigirinya yana da ح da ع irin na Larabci, Amharik ba shi da su, kuma ban ji ko ɗaya a cikin daƙiƙoƙina 40 ba.

Sanin harshen bai sa bincike ya yi aiki nan take ba, domin na buga "yane ƙwanjo" a YouTube ban sami komai ba. Dalili shi ne injin bincike yana neman yadda masu harshen suke rubuta abinsu da haruffan Latin, kuma ƙa'idarsu daban take da tamu. Da na duba sunayen waƙoƙin Amharik da dama, waɗanda sau da yawa ake rubutawa da haruffansu na fidal da na Latin a jere, sai na ga gajeren "a" ɗinmu su "e" suke sa masa, ƙ kuwa k ko q, shadda kuma sau da yawa ba sa nuna ta. Na kuma gane cewa "wa" ɗin da ke cikin "ƙwan" daga bakina ya fito, tunda Hausa ba ta son "o" a rufaffiyar gaɓa. Da na gyara sai suka koma haka:

```
yene konjo
fikir
ewedishalehu
```

Na gwada `qonjo`, `fiqir` da `feker` su ma, domin babu tsayayyen rubutu guda. Idan taka ta wani harshen ce, ka gwada p inda ka rubuta f, da v inda ka rubuta b, da ch inda ka rubuta c, sannan ka cire wasulan da muke cusawa tsakanin baƙaƙe biyu.

Nan na ci karo da iyakar hanyar. Ashe ma'anarsu ita ce "kyakkyawata", "soyayya", da "ina son ki", inda "sh" ɗin da na jingina wa sunan Allah yake nuna cewa da mace ake magana, domin ga namiji `ewedihalehu` ake cewa. Kalmomi ne da suka cika waƙoƙin soyayya, don haka sakamako ya yi ta zuba, na saurari fiye da ashirin babu tawa. Kalmar da ta fi sauƙin ji ita ce ta fi yawa a waƙoƙi, wadda za ta bambanta waƙarka kuwa tana cikin ɗangon da ka sa wa alamar tambaya.

Sai na ɗauki takardar na je wurin wani dattijo Bahabashe mai sayar da gahawa a bayan layinmu. Ya juya ta ya kasa karantawa, amma da na karanta masa da bakina yadda zan karanta Hausa, ya ɗago kai tun a "ƙwanjo". Na kunna masa sautin sau biyu, ya karɓi birona ya rubuta ɗangon da ya gagare ni da fidal, ya ce tsohuwar waƙa ce ta zamanin kaset, kuma muryar da na naɗa ba ta mai ita ba ce. Ɗansa ya buga ɗangon a wayarsa, ta fito a sahun farko. Ba don takardar ba, da ban san ƙofar wa zan ƙwanƙwasa ba.

Ka turo mana amshin taka gaɓa-gaɓa, ka sa daƙiƙar da kowane layi ya fara, ka faɗi kayan kiɗan da kake ji da irin tufafin da ke jikin mutanen bikin, kuma kada ka goge ƙ ko ts ko shadda idan ka ji su.