Kwallin dutse ko ailaina: me zan duba kafin in saya?

Tambaya: "'Yan'uwa, na daɗe ina sa kwallin dutse, har jaririyata 'yar wata biyar nake zizara wa. Yanzu na ji ana cewa akwai dalma a ciki. In koma ailaina ne? Kuma ta yaya zan gane mai kyau kafin in saya?"

'Yar'uwa, kafin komai ki daina sa wa jaririyar nan daga yau, kowane iri ne. Sauran bayanin zai iya jira, wannan kam a'a.

Ni ma sama da shekara ashirin na yi ina rambaɗa kwallin dutse. Da hannuna nake zaɓen dutsen, in niƙa, in tankaɗe da ƙyalle. Kuma yadda aka koya mini zaɓen shi ne in nemi mai nauyi a tafin hannu, mai walƙiya kamar azurfa, wanda in an fasa shi yake tsagewa ƙananan murabba'ai masu santsi. Daga baya na gane cewa waɗannan alamomin da nake taƙama da su su ne ainihin siffar dutsen da ake kira galina, wato haɗin dalma da farar wuta. Dalma ba gurɓata kwallin ta yi ba, ita ce kwallin. A tsantsar galina, kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Shi ya sa wanke dutsen, ko jiƙa shi a ruwa kwana da kwanaki, ko niƙa shi ya yi laushi, ba ya rage komai. Laushin ma sauƙaƙa wa jiki ɗaukarsa yake yi.

Na san da yawa daga cikinmu saboda ismidi da ya zo a hadisi muke riƙe da kwalli, kuma ban raina wannan niyya ba. Ana cewa ismidi dutsen antimoni ne, wanda bai kai galina nauyi ba kuma yake tsagewa dogo-dogo kamar allurai. Amma gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin kasuwa a ƙasashe daban-daban sun sha nuna cewa abin da ake sayarwa da wannan suna galina ne. Da zarar an niƙa su sun zama gari, ido ba ya bambance su.

Abin da ya sa na canza shi ne wani rahoto da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2012. Wani jariri ne ɗan wata shida a Boston, lafiyarsa ƙalau a ido. Likita ya lura da kwalli a idonsa, ya sa aka auna jininsa, aka samu maikrogiram 13 na dalma a kowace desilita. Aka bincika gidan, ba tsohon fenti, ba wata hanyar da dalma za ta shigo. Da aka gwada kwallin da ake sa masa sau uku zuwa huɗu a mako, sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Bayan an daina, adadin ya fara sauka. Ki kwatanta: yanzu CDC na ɗaukar 3.5 a matsayin inda ya kamata a fara bin sawun yaro. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta ba da shawarar kada dalma ta wuce kashi 10 cikin miliyan a kayan kwalliya. Wancan kwallin yana da 826,000 cikin miliyan, ya ninka iyakar fiye da sau dubu tamanin.

Za ki ce ai a ido ake sawa, ba a baki ba. Haka ni ma na ce. Amma yaro yana murza ido ya tsotsi yatsa. Hawaye kuma yana da 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, daga nan ya gangara maƙogwaro, shi ya sa wani lokacin kike ganin baƙi in kin fyace majina bayan kin sa kwalli. Cikin yaro yana zuƙe dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma ƙwaƙwalwar da take girma ita take taɓawa. Ba ta zuwa da alama da wuri, sai dai a ga jinkirin magana, rashin natsuwa, ƙarancin jini, wahalar karatu. Mu manya ma ba mu tsira ba, domin dalma tana kwanciya a ƙashi shekaru, ta fito cikin jini lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. Garin neman gira kada a rasa ido.

To, ailaina fa? Na kamfanin da aka sani ya fi aminci ta wannan fuskar, saboda baƙinsa ba daga dalma yake ba. Ki juya bayan kwalin ki karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Abin da kike nema shi ne lambar launi CI 77499, baƙin da ake samu daga ƙarfe, ko CI 77266, baƙin gawayi da aka tace. In babu jerin kwata-kwata, babu sunan kamfani da adireshinsa, babu lambar rukunin da aka sarrafa shi, babu rajistar hukumar da ke kula da kayan kwalliya a ƙasarki, ki ajiye shi. Na taɓa sayen wani gazal a 'yar kwalba mai kyan gani, an rubuta a jiki cewa babu dalma, amma ba jerin komai. Da na goga a bayan hannu na kai rana, sai ga ƙyalƙyalin nan da na sani. Na zubar. Rubutun "babu dalma" kowa na iya buga shi, kuma an sha gwada masu irin wannan rubutun a same ta a ciki.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne sunan kohl ko kajal a jikin fensir. A wajen manyan kamfanoni yawanci laushin fensirin da duhunsa ake nufi, ba dutse ba. Amma akwai masu haɗa garin dutsen da mai ko kakin zuma su zuba a bututu irin na zamani. Don haka kyan mazubi ba hujja ba ne, jerin kayan haɗin shi ne abin dubawa.

Shi ma ailaina yana da nasa aibin, sai dai na ƙwayoyin cuta ne. Na ruwa ki rabu da shi bayan wata uku zuwa shida da buɗewa, fensir ki riƙa feƙe shi, kuma kada ki yi aro.

Game da gwaji a gida, kada ki dogara da 'yan tsinkayen gwajin dalma da ake sayarwa, masu canza launi in sun taɓa ta. Don fenti aka yi su, kuma baƙin gari yana rufe launin da ake jira a gani. Rashin walƙiya ma ba ya wanke kwalli, domin ana cakuɗa galina da gawayi. Walƙiya da nauyi dalili ne na ƙin saye, amma rashinsu ba dalilin saye ba ne. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya faɗa miki adadin, misali da na'urar XRF, wadda ke haska abu ta nuna ƙarafan da ke cikinsa. In mai sayarwa ya ce an gwada, ki nemi takardar, ki duba ko lambar rukunin da ke kanta ta yi daidai da ta kwalbar da ke hannunki.

Ita kuma 'yar taki, ki kai ta asibiti ki ce a auna dalma a jininta, ki faɗa wa likita tun yaushe ake sa mata da sau nawa a mako. Ki tafi da kwallin a ƙulle cikin leda don a gani. In da yatsa aka ɗibi jinin kuma ya nuna sama, a maimaita da na jijiya, saboda garin da ya maƙale a fata yana iya ƙara adadin. Ki wanke tandun da tsinken ki raba su da inda yara ke kaiwa, ki goge wurin da kike kwalliya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Tunda kina shayarwa, ki nemi a auna naki jinin a rana ɗaya.