Muryar Yaya Kan Tambayar log₂ 8

"Yaya, don Allah me ya sa log₂ 8 ya zama 3? Ni 4 nake samu kullum, kuma na haddace dokokin log ɗin duka."

To, salamu alaikum. Na ga saƙonka ƙanina, kuma tun kafin ka faɗa na san inda ka samo 4 ɗin nan. Raba 8 ka yi da 2. Kada ma ka musa, ni ma na yi shi, har na sha jan biro a kansa. Dokokin da ka ce ka haddace kuma, ajiye su gefe tukuna, ba su ne matsalarka ba. Matsalarka ba ka san me abin yake tambayarka ba.

Log tambaya ce kawai. In ka ga log, ka ga ƙaramar lamba a ƙasansa, ita ce bes, wato tushe, ga kuma babbar lamba a gaba. Abin da ake ce maka shi ne: wace fawa zan ɗora wa bes ɗin nan ya ba ni wannan lambar? Shi ke nan. A naka, bes 2 ne, lambar 8. To 2 fawa nawa ne 8? 2 sau 2, 4. Sau 2 kuma, 8. Biyu guda uku ka jera, amsa 3. In da 4 ce amsar, ai 2 fawa 4 zai ba ka 8, amma gwada mana, 16 yake bayarwa. Ka ga da kanka za ka kama kanka, ba sai wani ya duba maka ba. Duk amsar log da ka samu, ɗora ta a kan bes ka gani ko lambar ta dawo.

Mutane suna cewa "sau nawa za ka ninka 2 da kanta". A'a, tsaya, ban son wannan faɗar, don tana ruɗa yara. In ka rubuta 2 × 2 × 2, alamar sau guda biyu ce kawai a ciki, sai wani ya ce amsa 2. Bari in gyara. Ka fara daga 1. Kana tsaye a kan 1, kowane taku ɗaya ka ninka da bes. Taku na farko ka sauka a 2, na biyu a 4, na uku a 8. Taku nawa ka yi? Uku. Wannan lissafin takun shi ne log. Ka riƙe shi haka, don da shi za ka warware waɗanda suke tsorata ku.

Misali log₅ 1. Kana kan 1, ana son ka isa 1. Taku nawa? Ko motsi ba ka yi ba, sifili ke nan. Shi ya sa log na 1 sifili ne a kowane bes, ba wata doka ba ce da za ka zauna kana bita da dare. Sannan log₂ na 1/8. Daga 1 in ka yi gaba lambar girma take yi, kai kuma ƙarama kake nema, to baya za ka yi, kana rabawa da 2. Rabi, kwata, ɗaya bisa takwas. Taku uku da baya, amsa −3. Alamar ragi ɗin ba ta nufin wani abu ya lalace, tana gaya maka lambar ba ta kai 1 ba ne.

Yanzu ga wanda nake so ka zauna a kansa, don irinsa ne ake kawowa a jarrabawa a kayar da mutane: log₈ 32.

Mai rabawa zai ce 32 a raba da 8, 4. To 8 fawa 4 nawa ne? 4096. Ina 32, ina 4096! Kafin ka taɓa biro, yi tambayar da baki. Daga 1, taku ɗaya na 8 ya kai ni 8, ban isa ba. Taku biyu ya kai ni 64, na wuce. Ashe amsar tana tsakanin 1 da 2. Wannan kaɗai ya riga ya kashe 4, kuma ya gaya maka ba cikakkiyar lamba za ka samu ba.

Nan ne wani zai yi wayo ya ce ai 32 rabin 64 ne, saboda haka 1.5. A'a. Takun log na ninkawa ne, ba na tarawa ba. In ka ɗora 1.5 a kan 8, abin da za ka samu wajen 22.6 ne, bai kai 32 ba. To amsar ta ɗara 1.5.

Yadda za ka yi, ka nemi ƙaramin taku wanda 8 da 32 duk suke hawa kansa. 2 ne. 8 taku uku ne na 2, mun gani ɗazu. 32 kuwa, 2, 4, 8, 16, 32, taku biyar. Ka ɗauka kamar babba da yaro suna tafiya, babban in ya ɗaga ƙafa sau ɗaya, sai yaron ya yi taku uku kafin ya kamo shi. Wurin da za a je takun yaro biyar ne. Takun babba nawa ke nan? Biyar a raba uku, 5/3. Wato taku ɗaya cikakke, da biyu bisa uku na wani. Kusan 1.67, kuma ga shi tsakanin 1 da 2, ya ɗara 1.5 kamar yadda muka ce. A takarda haka za ka rubuta: 8 fawa x daidai da 32, ka mai da 8 ta zama 2³, 32 ta zama 2⁵, sai ya zama 3x = 5. Abu ɗaya ne da labarin takun.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne juya shi, mutum ya rubuta 3/5. Ta yaya za ka gane? 3/5 bai kai 1 ba, alhali taku ɗaya cikakke ma 8 kawai ya kai ka. Wanda ya yi tambayar da baki tun farko ba zai faɗa ramin nan ba.

Wallahi abin da yake ba ni haushi ke nan in na tuna lokacinmu. Akwai wani malami da ya koya mana, ba zan kira suna ba, Allah ya sa yana lafiya. Zangon karatu guda muka yi muna buɗe teburin log mai lamba huɗu, muna bin layi da yatsa, a nemo wannan, a ƙara wancan na gefe, a koma teburin antilog. Ko sau ɗaya bai ce mana ga abin da lambobin suke nufi ba. Na haddace log 2 shi ne 0.3010 kamar lambar waya. Ranar da na ɗaga hannu na ce malam, 0.3010 ɗin na mene ne, cewa ya yi abin da tebur ya ce ke nan, in zauna. Ajin aka yi mini dariya. Har yau ina jin ta. Sai bayan shekaru, ni kaɗai, na gane ashe cewa ake yi in ka ɗora wa 10 fawa 0.3010 za ka samu 2. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ana iya hango shi ba tebur. 2 fawa 10 shi ne 1024, ɗan sama da 1000 kaɗan. 1000 kuwa taku uku ne na 10. To takun 2 guda goma sun yi kusan takun 10 guda uku, kowane ɗaya ya tashi a uku bisa goma, 0.3, da ɗan ƙari saboda 24 ɗin nan da ta hau. Minti biyu fa! Minti biyu zai ɗauke shi ya nuna mana wannan a allo. Shi teburin ba laifinsa ba ne, John Napier ya fitar da nasa tun 1614 don masu lissafi su huta da doguwar ninkawa, su riƙa tarawa a maimakonta, daga baya Henry Briggs ya yi na bes 10. Kayan aiki ne na zamanin da babu kalkuleta. Mu kuma aka ba mu shi kamar... kai, bar maganar nan, na yi nisa.

Ina muka tsaya? Yawwa, dokokinka. Ɗauki ta farko, wadda ta ce log na a sau b shi ne log a a tara da log b. 8 sau 4, 32. A bes 2, 8 taku uku, 4 taku biyu, ka yi uku ka ƙara biyu, biyar. Abin da dokar take faɗa ke nan, babu ƙari. Kuma da wannan za ka ga dalilin da ya sa ba ta aiki a kan tarawa. 8 a tara da 8, 16 ne, log ɗinsa a bes 2 shi ne 4. In ka ce 3 da 3, 6, ka tafi 64. Na sha ganin wannan a takardun yara, kai ma ina zarginka.

Saura waɗanda ba su da amsa. Log na sifili: kana kan 1, kana ta rabawa da 2, taku goma baya ka isa 1/1024, ƙarami ne amma ba sifili ba. Ka yi taku dubu, da saura. Ba za ka taɓa sauka a kan sifili ba, shi ya sa kalkuleta take nuna maka kuskure. Lamba mai alamar ragi ma haka, log₂ na −8, ko gaba ka yi ko baya, ninka 2 ko raba ta ba zai haifar da ragi ba. Kada ka ce −3, wannan na 1/8 ne, mun yi shi. A lissafin jami'a akwai wata hanya da ake bi, amma ba naka ba ne yanzu, a matakinka babu amsa. Bes ɗin ma ba ya zama 1, don 1 sau 1 har gobe 1 ne, kana taku a wuri ɗaya.

Abu na ƙarshe, kalkuleta. Maɓallin log da ba a rubuta masa bes ba, bes 10 ne. Na kusa da shi, ln, bes ɗinsa e ne, wajen 2.718. In ka danna log 8 za ka ga 0.9031, kada ka zo kana ce mini Yaya ka ce 3. Ita tambayar 10 ta amsa maka, kuma daidai ne, 8 ba ta kai 10 ba, dole amsa ta gaza 1 kaɗan. In kana son log₈ 32 a kanta, danna log 32, 1.5051, ka raba da log 8, 0.9031, za ka ga 1.666 da sauransu. Dabarar babba da yaro ce dai, sai dai wannan karon da takun 10 aka auna su duka biyun.

Gwada mini waɗannan uku ba kalkuleta: log₃ 81, log₉ 3, da log₄ 8. Na tsakiyan ka yi hankali, 3 ba ta kai 9 ba, ka fara tambayar kanka tsakanin me da me amsar take. Kuma da murya nake so ka turo, in ji yadda kake karanta tambayar, ba hoton amsa ba. Caji na ya kusa ƙarewa.