Farashi ya cinye SL ɗina a saman tsaunuka biyu, buroka ne ke farauta ta?

"Salam 'yan gurup, na yi sel a EUR/USD, farashi ya ɗan haura saman tsaunuka biyu masu tsayi ɗaya ya cinye SL ɗina sannan ya zubo ƙasa. Anya ba buroka ne ke farautar mu ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ka fara cire buroka a ranka tukunna, kasuwar fores da BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe, ya ce a 2022 ana juya dala tiriliyan 7.5 kullum ba za ta motsa don ɗan lot 0.01 ɗinka ba. Abin da ke faruwa shi ne duk wanda ya yi sel a nan, a saman tsaunukan yake ajiye SL, wato odar tsayar da asara, kuma SL na mai sel oda ce ta saye, ga kuma masu jiran fashewa sama su ma sun jera Buy Stop a wurin. Mai babban kaya kuwa inda masu saye suka taru yake zuwa, kamar mai buhun masara ɗari ne a kasuwar Sabon Gari.

Amma fa mu yi hattara, ba ma ganin odojin nan a fores, hasashe ne kawai muke yi, kuma sai bayan abin ya wuce kowa ke cewa ai sharar SL ce aka yi.

Misali a ce tsaunukan suna 1.0850, farashi ya leƙa 1.0862. Ni a nan ba na taɓa komai sai kyandir ɗin H1, na awa ɗaya, ya rufe. In ya rufe a 1.0844 ya bar dogon jela a sama, to alama ce, amma ba ta isa ba, ina jira ya karya ƙaramin kwarin da ya taso daga shi, a ce 1.0835, in ya dawo 1.0845 sai in shiga, SL a 1.0867 saman jelar, ina neman 1.0800, wato na sa fif 22 don neman 45. In kuwa ya rufe sama da 1.0850 ya dawo ya taka wurin bai faɗo ba, fashewa ce ta gaske, kar ka yi jayayya da ita. Wani lokacin ma sau biyu yake sharewa.

Sai ka duba wannan, cat ɗin MT4 farashin Bid, na sayarwa, yake nunawa amma Ask, na saye, ne ke rufe sel, in tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe SL zai tafi alhali kyandir bai kai wurin ba. Danna F8 ka kunna Show Ask line. Ka lura da agogo kuma, don akwai lokutan da farashi ya fi yin tsalle: buɗewar Landan ƙarfe 8 na safe ne a nan Zariya, 9 in suna hunturu, ranar NFP kuwa, rahoton ayyukan yi na Amurka, 1:30 ko 2:30 na rana. Ƙarfe nawa naka ya faru? Turo hoton mu gani.