Me ya sa barin sigari ke da wuya haka?

Tambaya: "Zuƙa ɗaya nake yi in ji kaina ya sake nan take. Me ke faruwa, kuma me ya sa na kasa bari?"

Amsa: Ɗan'uwa, hayaƙin na sauka cikin huhu, nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ya ratsa siraran jijiyoyi ya shiga jini, zuciya ta harba shi ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Can yake sa a saki dofamin, sinadarin jin daɗi. Saurin nan shi ne tarkon: kara ɗaya zuƙa goma ce ko fiye, kowace tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa daɗi na hannunka. Bayan kamar awa 2 rabin nikotin ya bar jini, sai ƙunci da saurin fushi su taso. Shi ya sa da asuba, bayan dogon barci, hannunka ke laluben kwali tun kafin shayi.